Koren Zare a Gindin Zif

A layin masu sayar da jins da kayan wasanni, ba wanda ya san Baba Baibai da wani suna sai wannan. Ya samo shi ne daga ɗabi'arsa. Duk tufar da ka miƙa masa, kafin ya gama amsa gaisuwarka ya juya ta ciki waje. Ana ba da labarin cewa ranar da mai neman 'yarsa ya fara zuwa gaisuwa, ya ajiye jaket a kan benci ya zaga bayan gida, kafin ya fito Baba ya juya jaket ɗin, ya duba ta, ya mayar inda take. Baba bai taɓa musanta labarin ba. Ƙari ɗaya kawai yake yi masa.

"Jaket ɗin jabu ce," yakan ce. "Amma da na tambaye shi, sai ya ce mini, Baba, jabu ce. Shi ya sa na ba shi yarinyar."

Tela ne, amma ba mai ɗinka sabo ba. Shekara talatin da huɗu yana zaune a ƙarshen layi, inda rumfa ta ƙare rana ta fara, yana sauya zif, yana rage ƙugu, yana cike gwiwar da ta ƙoshi da duniya. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Akwai keken ɗinki baƙi mai ƙafa, wanda ke tari sau biyu kafin ya tashi kamar mai shi. Akwai gwangwanin madara uku: ɗaya na maɓallai, ɗaya na kawunan zif, ɗaya na ƙananan ƙusoshin tagullar nan da ake bugawa a bakin aljihun jins don kada ya yage. A bango an rataye zif-zif da ya ciro daga wandunan da suka riga mu gidan gaskiya, jere kamar kifin da ake shanyawa.

Gyara ke ciyar da shi, amma dubawa ce ta ba shi suna. Duk wanda ya sayi wando ko rigar motsa jiki zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya gangaro ƙarshen layi. Baba ba ya karɓar ko sisi a kan dubawa. Ya ce ranar da ya fara karɓa, ranar idonsa zai fara kallon aljihun mai tambaya maimakon aljihun wando.

Hanyarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. "Mai yin jabu ɗan kwalliya ne," yakan ce. "Inda ido ke gani yake wankewa." Saboda haka daga ciki yake farawa. Sai ya kama ƙusar aljihu ya duba bayanta: a irin wandunan da layin ke ji da su, hatimin kamfani na nan gaba da baya, a nutse, kowane harafi da kaifinsa. Na jabu kuwa gaban ya sha ado, bayan fayau kamar goshin jariri, ko kuma hatimin ya kwanta sama-sama kamar an buga shi da jin kunya. Daga nan ya koma bayan babban maɓalli, ya karanta 'yar lambar da aka buga a wurin, ya je ya nemo 'yar'uwarta a farin ƙyallen wanki da ke ɗinke a ciki. In sun gaisa, to. In ba su san juna ba, sai ya yi ƙwafa. Sannan ya bi rubutun ƙyallen layi-layi: baƙaƙen sun tsaya daidai ko suna jingina da juna kamar fasinjoji, tawada ta tsaya a wurinta ko ta yi naso, awon ƙugu da tsawo ya dace da na fatar da ke bayan wando ko kowa da maganarsa. Zif shi ne na ƙarshe. Na kirki yana da sunan maƙerinsa a kai, kuma in ka kwantar da harshensa ƙasa ka ja bakin wandon, ba zai zame ba.

Rigar wasanni kuwa a wuya yake kama ta, kamar mai raba faɗa. Ya karanta lambar samfurin da ke tambarin wuya, ya ɗaga ƙyallen wanki na gefe, ya nemo ɗan ƙaramin ƙyallen da ke laɓe a ƙarƙashinsa, ya gwada lambobin biyu. Ya juya tambarin ƙirji ya ga ko an bar zare yana tsallakawa daga harafi zuwa harafi. Wani matashi ya taɓa kawo masa rigar gudu yana ta fahariya, Baba ya murza rubutun wuyan da babban yatsa, rabin rubutun ya biyo yatsan.

"Ɗana, rigarka na da kyau," in ji shi. "Sai dai kada ka yi gudu da ita. In ka yi zufa, sunan kamfanin a wuyanka zai koma."

Kada a ɗauka layin tsarkaka ne. Rabin kayan da ke rataye a can kwaikwayo ne, kowa ya sani. Dokar layin guda ce: ka sayar da jabu a matsayin jabu, da kuɗin jabu, ba mai ce maka kanzil. Amma ka ce wa mai saye na asali ne alhali ba shi ba ne, to ka naɗe kayanka, an ba wani teburinka. Shugaban layi ke yanke hukunci, sai dai kowa ya san bakin Baba Baibai yake jira. Cikin shekara talatin da huɗu mutum biyar suka bar layin a kan maganarsa, kuma ba wanda ya dawo ya ce an zalunce shi.

Abin da layin bai sani ba, mutum ɗaya ce ta sani, ita ce matarsa. Shi yana kiranta Hajiya, ko da yake tafiyarta mafi nisa ita ce gidan ƙanwarta. Shekara biyu ke nan idon Baba yana janyewa. Daga nesa yana ganin mutum har ya gane wandonsa ya yi masa yawa. Amma abin da ke kusa, ƙananan baƙaƙe da kafar allura, sun koma masa kamar tururuwa a cikin ruwa. Kullum da safe Hajiya kan zauna a bakin ƙofa ta zura masa zare a allurar hannu guda shida, ta soke su a wani ɗan matashi, ta sa masa a jaka. Na keke kuwa da laluben yatsa yake yi, yana waƙa don kada maƙwabta su lura da daɗewar.

"Malam, ka je a auna idon nan a ba ka tabarau," takan ce.

"Hajiya, in mai dubawa ya sa tabarau, wa zai ƙara yarda da shi? Sai su ce gilashi ne ya gani."

"To ai yanzu ma ba kai kake gani ba, ni ce."

"Ke da ni wa ya raba?"

Haka ya koma dogaro da yatsunsa. Yatsu kuwa suna jin nauyin yadi, suna jin zurfin hatimi, suna jin zif. Amma yatsa bai iya karatu ba. Ya ci gaba da ɗaga ƙyallen wanki sama yana motsa leɓe kamar mai karantawa, alhali hukuncin ya riga ya fito daga fatar hannunsa. Da yake hannun tsohon hannu ne, sai aka yi ta dacewa.

Tebur na bakwai daga shagonsa na Dogo ne. Dogo mutum ne mai fara'a wanda in ya tsaya a ƙarƙashin rumfa sai ya sunkuya. Shekara goma sha biyu kullum yana shan shayin safe a bencin Baba, yana ce masa, "Tsoho, yau wa za ka tona wa asiri?" Ciwo na 'yan makonni ya ɗauke shi. Bayan wasu watanni matarsa ta zo ta ɗage tamfol, ta share teburin, ta zauna. Ana kiranta Matar Dogo. Ba ta da yawan magana, ba ta iya kiran masu saye ba, kuma tana da 'ya ɗaya 'yar shekara takwas da ke makaranta. Da teburin nan suke ci, da shi suke biyan ɗaki.

Ranar wata Talata da hantsi, sai ga wani direban babbar mota, zanƙalele, yana tafe yana kaɗa wandon jins a sama kamar tuta. A bayansa Shugaban layi, a bayan Shugaba rabin layi, domin babu abin da ke hana ciniki daɗi kamar a ji ana rigima ba ka wurin. Can ƙarshe Matar Dogo, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Baba, ga shi!" in ji direban. "Jiya na saya wurin matar nan. Ta ce gwanjo ne amma na asali, na biya kuɗin na asali. Ban taɓa samun wandon da ya kai mini idon sawu ba sai shi. Na shiga tasha ina taƙama, sai wani ɗan rainin hankali ya ce in duba zif. Na duba, ko harafi babu. Tun jiya ake kirana Alhaji Orijina!"

Aka kwashe da dariya. Shugaba ya ɗaga hannu. "Baba, a duba mana."

Baba ya karɓi wandon ya juya shi. Yadin ya yi masa nauyi mai daɗi a hannu, irin na kirki. Wannan ya sa ya ɗan yi jim. Ya ɗaga ƙyallen wanki, fari ne ya sha wanki har ya yi laushi, baƙaƙen suka yi masa iyo. Ya motsa leɓe. Ya lalubi ƙusar aljihun dama, wadda ta fi kusa da hannunsa: gaba sumul, baya sumul, ba hatimi. Ya kai hannu ga zif. Kan zif ɗin fayau, mara nauyi, haƙoransa na roba. Kamfanin nan kuwa bai taɓa sa wa jins haƙoran roba ba. Mutum talatin na kallonsa, kuma bai saba a ga ya daɗe ba. Sauran ƙusoshi biyar bai taɓa su ba, bayan maɓalli bai duba ba.

"Zif ɗin ba nasa ba ne," in ji shi. "Ƙusa ba hatimi. Jabu ne."

Sai ya ji muryar Matar Dogo, ƙasa-ƙasa.

"Baba, na asali ne."

"'Yata, a wace dilar gwanjo kika samo shi?" in ji Shugaba. "Wa ya sayar miki? Faɗi, in an cuce ki ne mu bi miki."

Ta dubi ƙasa. "Na asali ne," ta sake cewa, ba ta ƙara komai ba.

Shugaba ya yi ajiyar zuciya. Shi ma ya sha shayi da Dogo. "Doka ba ta san fuska ba," in ji shi. "Gobe da safe a taru. Wando ya kwana wurin Baba. In magana ba ta sauya ba, za ki mayar masa da abinsa, ki kwashe kayanki."

Baba ya rufe shago da wuri ran nan. Ya iso gida rana ba ta faɗi ba, ya tarar da Hajiya tana kwashe shanya. Ya zauna a kan kujerar tsakar gida da wandon a cinya, bai ce a kawo ruwa ba, bai yi ƙorafin kuɗin mota ba.

"Wa ya mutu?" in ji Hajiya.

"Matar Dogo na kora."

Ta ajiye kwandon. Ya ba ta labari, tana saurare tana kallon wandon, domin ta san mijinta: in ya tabbata da abu ba ya zuwa da shi gida.

"Ka karanta ƙyallen?"

"Na duba shi."

"Malam. Ka karanta?"

Ta miƙa hannu, ya ba ta wandon. Ta matsa inda sauran rana ke faɗowa a jikin bango, ta buɗe ƙyallen. Hajiya ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma shekara talatin da ɗoriya tana jin wa'azin ƙusa da zif safe da yamma, har ta iya shi fiye da yadda take so.

"Baƙaƙen a miƙe suke, ba naso. Alamomin wanki na nan a jere: baho, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, dutsen guga, da'ira. Ga awon ƙugu, ga tsawo. Juya mini fatar baya. Iri ɗaya ne. Akwai lamba a layin ƙasa." Ta karanta masa. Ta juya bayan babban maɓalli, ta goge shi da bakin zanenta, ta kanne ido ɗaya. Ta karanta lambar da ke wurin. Ita ce.

Baba ya miƙa hannu ya karɓi wandon. Ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ta biyu, hatimi a nutse, gaba da baya. Ta uku haka. Har guda biyar. Ɗaya ce kawai sumul, ta aljihun dama, wadda hannunsa ya fara faɗawa a kai.

"Wani ya sauya ta," ya ce a hankali. "Da zif ɗin. Wani sakaran tela ya sa wa wando irin wannan zif na jaka."

"Sakarai kam," in ji Hajiya. Ta buɗe gindin zif ɗin daga ciki, inda ɗinki ke haɗuwa, ta kawo shi dab da hancinsa. "Me ka gani a nan?"

"Duhu."

"To ni ina ganin ɗinki uku na koren zare. Ya koɗe, amma kore ne."

Labarin koren zaren tsoho ne. A shekarar farko ta aurensu ya aike ta sayen zare shuɗi, ta dawo da ƙaton ƙunshi kore saboda an yi mata rangwame. Ba wandon da ke son kore. Don kada ta ji kunya, sai ya ce dama yana neman alama, ya shiga sa ɗinki uku na koren a gindin duk zif ɗin da ya sauya, ta ciki, don ya gane aikinsa in an dawo da shi. Har yau ƙunshin bai ƙare ba.

Baba ya riƙe wandon da hannu biyu, ya miƙar da ƙafafunsa. Suka zuba har ƙasa suka yi saura. Mutum nawa ne a duniya ke da ƙafa irin wannan?

Sai abin ya dawo masa. Wata safiya shekara takwas da suka wuce, Dogo ya faɗo shagon a guje, hannu ɗaya riƙe da ƙugu. An aiko daga asibiti matarsa ta sauka, ya je sa wandonsa na fita kunya, garin sauri zif ya tsinke, aljihu ya kama ƙofa ƙusa ta fita. "Tsoho, rufa mini asiri, ba zan je in ga 'yata da wandon aiki ba!" Zif mai tsawon da ya dace babu a shagon sai na wata tsohuwar jakar makaranta. Baba ya farke shi ya ɗinka, ya buga ƙusa daga gwangwani, Dogo na tsaye da zanen labule a ƙugu yana ta tsalle. "Ka dawo da shi in sa maka na kirki," Baba ya ce masa. Dogo ya ce gobe. Goben ce ba ta zo ba.

"Wandonsa ne," in ji Baba. "Kayan mijinta take sayarwa, Hajiya. Shi ya sa ta ƙi faɗin dila. Ta gwammace a kira ta mai jabu da a ce ta kai ga rataye wandon Dogo a kan tebur."

Hajiya ta zauna kusa da shi.

"Gobe sai ka ce ka sake dubawa ka ga kuskure," in ji ta. "Ba sai ka faɗi na ido ba."

"In na ce haka, jibi wani zai kawo riga, in ɗaga ƙyalle in motsa leɓe. Shekara biyu ina sayar musu da ido a matsayin na asali." Ya goge fuska da tafin hannu. "Da dokar layi za a bi, ni ya kamata in naɗe kaya."

"Kekenka ya yi nauyi, ba mai ɗaukar maka," in ji ta. "Tashi ka wanke hannu."

Washegari ya fito da jakarsa, sai ya ga Hajiya a bakin ƙofa da mayafin unguwa da takalmin biki.

"Ina zuwa?"

"Rakiyar ido."

Kafin taro ya tsaya a tebur na bakwai. Matar Dogo ta riga ta ɗaure rabin kayanta a buhu. Ya durƙusa a gefenta, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya kara.

"'Yata, na gane wandon. Ni na sa masa zif ɗin, ranar da kika haihu. Ki yafe mini." Ya ƙara rage murya. "Zan wanke ki. In ba ki so a san na wane ne, ba zan faɗa ba. Zan ce aikina ne kawai."

Ta dube shi, hawaye suka zubo ba tare da fuskarta ta motsa ba. "Ban san an taɓa sauya zif ba, Baba. Shi dai kullum yana cewa wandon nan ko Baba Baibai ba zai sami abin faɗa a kansa ba." Ta share ido da mayafi. "Ka faɗa. Na gaji da ɓoyewa."

Layi ya taru a gaban shagon. Direban ya zo da abokansa biyu, har da wanda ya raɗa masa Alhaji Orijina. Baba ya tsaya da wandon a hannu.

"Jiya na ce jabu ne," in ji shi. "Na yi kuskure. Wandon na asali ne. Jabun da ke jikinsa biyu ne, zif da ƙusa ɗaya, kuma ga wanda ya sa su a tsaye gabanku."

Aka fara gunaguni. Ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Ƙyallen nan ban karanta shi jiya ba. Shekara biyu ban karanta ƙyalle ba. Idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, na ɓoye muku saboda girman kai. Duk wanda na duba wa kaya a tsakanin nan, ya dawo da su a sake. Hajiya, zo ki karanta musu."

Hajiya ta fito, ta gyara mayafi, ta karanta lambar ƙyalle da murya irin ta mai sanarwa. Ta miƙa wa Shugaba ya duba bayan maɓalli da kansa. Aka zagaya da wandon hannu-hannu ana duba ƙusoshin. Aka buɗe gindin zif, kowa ya leƙa ya ga koren zare, har wani mai sayar da rigunan ƙwallo ya juya baya ya duba nasa wandon, ya ɗago yana cewa, "Wallahi ni ma ina da shi!" Sannan Baba ya ba da labarin safiyar, da Dogo da zanen labule a ƙugu. Mutane suka yi dariya, wasu suna dariyar suna share ido.

"Tebur na nan a hannun mai shi," in ji Shugaba. "A kwance buhunan nan." Ya juya ga Baba. "Kai kuma, hukuncinka tabarau. Yau."

Direban ya tsaya yana murza hularsa. Ya je gaban Matar Dogo. "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ban sani ba. Ki karɓi abinki ki ajiye, kuɗin ma ki bar shi."

"A'a," in ji ta. "Ciniki ya faɗa. Mai shi ba ya son kaya a cikin akwati. Ka sa shi ya ga gari."

"To kawo in cika alkawari," in ji Baba. "Ina da zif na tagulla mai suna a kai, na kamfanin da ya dace. Shekara takwas yana jira."

Direban ya dubi wandon, ya dubi Matar Dogo. "Baba, zif ɗin nan ya taɓa zamewa?"

"Aikina ne, ya za a yi ya zame?"

"To a bar shi. Duk wanda ya ƙara ce mini Alhaji Orijina, zan zaunar da shi in ba shi labari tun daga farko. Labarin da tsawo, zai gwammace bai tanka ba."

Tabaran ya iso bayan kwana huɗu, mai kauri, da igiya don kada ya ɓata. Baba ya sa shi a bakin ƙofar gida, ya ɗauki allura ya zura zare a karo ɗaya, ya zare, ya sake zurawa don daɗi. Sannan ya juya ya dubi Hajiya, ya daɗe yana kallo.

"Mene ne? Ka ga furfura ko?"

"Na ga ɗinki ya ɗan saki nan da can," in ji shi. "Amma hatimin a nutse yake, gaba da baya."

Ta jefe shi da ɗan matashin, bayan ta tabbata babu allura a jiki.

Mutum goma sha ɗaya suka dawo da kayansu a sake dubawa. Goma hukuncin bai sauya ba. Na sha ɗayan wata rigar gudu ce da ya taɓa cewa ta asali ce, lambar wuya da ta ƙaramin ƙyalle suka ƙi gaisawa. Mai sayarwar dama a kuɗin kwaikwayo ya bayar da ita, don haka ba wanda ya yi asara sai mai rigar, da ya shekara yana taƙama. Baba ya ba shi haƙuri, ya rage masa hannun rigar kyauta.

Yanzu yana gani, ba ya bukatar mai karanta masa. Duk da haka Hajiya na zuwa shagon Talata da Alhamis, wai kada ya koma gidan jiya. Takan zauna a bencin da Dogo ke shan shayi, ita da Matar Dogo in ciniki ya lafa. In aka kawo wando, Baba ya juya shi, ya bi ƙusoshin duka shida, ya karanta ƙyalle da ƙarfi kowa na ji. Kafin ya ce komai a kan zif, sai ya buɗe gindinsa ya leƙa, ya miƙa wa Hajiya ita ma ta leƙa.